Kariyar Reshen main Ba Ta Cika Sai Ta Hau Kan Admin

Duk wanda aka ba izinin rubutu a ma'ajiyar kod da ke kan GitHub, matuƙar ba a kafa wata ƙa'ida a kanta ba, yana iya buga `git push origin main` daga kwamfutarsa, kuma cikin daƙiƙoƙi kaɗan abin da ya rubuta ya zama shi ne abin da sauran abokan aikinsa za su sauke. A wuraren da aka ɗaure reshen `main` da tsarin da ke kai manhaja ga jama'a da kansa, wannan turawar guda ɗaya takan isa hannun masu amfani da manhajar tun kafin wani mutum na biyu ya san an taɓa wani abu. Ra'ayina shi ne cewa duk ma'ajiyar da mutum fiye da ɗaya ke aiki a kanta ya kamata ta hana wannan turawar, ta tilasta kowane canji ya bi ta buƙatar haɗewa da wani ya duba. Sai dai wannan rabin maganar ne kawai, kuma shi ne rabin da kusan kowa ya yarda da shi. Rabin da ake yawan sakaci da shi shi ne cewa dokar tana da amfani ne idan ta hau kan admin kamar yadda ta hau kan sabon ma'aikaci, kuma idan amincewar mai bita tana ɗaure da ainihin kod ɗin da zai shiga.

Git, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 2005, bai zo da wani tsari na cewa wane ne zai taɓa wane reshe ba. Reshe a Git suna ne kawai da ke nuni zuwa ga wani komit, wato canjin da aka adana a tarihin ma'ajiya, kuma turawa tana nufin roƙon sabar ta matsar da wannan sunan zuwa wani komit daban. Sunan marubucin da ake gani a jikin komit ma rubutu ne da kowa zai iya saitawa a kwamfutarsa da `git config user.name`, babu mai tantance shi. Saboda haka duk wata ƙa'ida da aka ajiye a kwamfutar mai rubuta kod, kamar ƙugiyar `pre-push`, tunatarwa ce kawai, domin wanda ya ga dama zai tsallake ta da `--no-verify`, wanda ya sauke ma'ajiyar sabuwa kuma ba zai same ta ba sam. Wurin da ake iya cewa a'a da gaske shi ne sabar da ke karɓar turawar. Masu riƙe da sabar kansu sun daɗe suna yin haka da ƙugiyoyin `pre-receive` da `update`, da saiti irin su `receive.denyNonFastForwards`. GitHub ya mayar da wannan aikin zuwa akwatunan da ake latsawa a 2015 da sunan kariyar reshe, ya kuma ƙara tilasta bita a 2016.

Abubuwa biyu da suka faru a bainar jama'a sun nuna iri biyu na ɓarnar da ake magana a kai. Na farko kuskure ne tsantsa. A watan Nuwamba na 2013, wani daga cikin masu ba da gudummawa ga aikin Jenkins, manhajar sarrafa gini da gwajin kod, yana saita tsarin kwafin ma'ajiyoyi na Gerrit, manhajar bitar kod, sai tsarin ya yi turawar dole daga tsofaffin kwafin da ke wurinsa zuwa ma'ajiyoyin Jenkins sama da 150 a GitHub, ya mayar da rassansu baya ya binne aikin da aka yi a tsakani. Babu mugun nufi a ciki, kuma an dawo da kusan komai da taimakon GitHub da kwafin da mutane ke da shi, amma abin da ya ba da damar hakan shi ne cewa asusu ɗaya yana da ikon sake rubuta tarihin babban reshe a ko'ina, sabar kuma ba ta da dalilin ƙin karɓa. Wannan nau'in ɓarnar ita ce mafi sauƙin magani, domin da zarar an kare reshe a GitHub, turawar dole da goge reshen sun haramta ga kowa har da admin, sai an buɗe su da gangan.

Na biyu ya fi koyar da darasi game da bita. A ranar 28 ga Maris 2021, an tura komit biyu na mugunta zuwa babban reshen `php-src`, ma'ajiyar harshen PHP, wadda a lokacin take kan sabar aikin ta `git.php.net`. An yi su da sunayen Rasmus Lerdorf da Nikita Popov, manyan mutane biyu a aikin, kuma bayanin na farkon ya ce gyaran kuskuren rubutu ne kawai. A zahiri layukan suna buɗe ƙofar baya: idan buƙata ta zo da wani kan bayani mai ɗauke da rubutun da ya fara da `zerodium`, sabar za ta aiwatar da duk kod ɗin da ya biyo bayansa. Da aka janye na farko, sai maharin ya sake mayar da shi da sunan mutum na biyu. Binciken da Popov ya wallafa daga baya ya nuna cewa an yi turawar ne ta HTTPS da kalmar sirri, wato maharin ya shigo ta halattacciyar ƙofar da sabar ke karɓar turawa. An gano abin cikin sa'o'i, bai shiga wani sakin PHP ba, kuma aikin ya koma GitHub bayan nan.

Mai adawa da ra'ayina zai iya cewa ai wannan labarin hujjarsa ce, tunda masu karanta komit bayan shigarsa ne suka kama shi. Gaskiya ne sun kama shi, amma PHP aiki ne da idanu masu yawa ke kallon kowane komit, kuma tsakanin shigar kod babban reshe da fitowarsa a saki akwai makonni. Kamfanin mutum biyar da ke kai `main` ga kwastomomi sau da yawa a rana ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Abin da tilasta bita ke canzawa a irin wannan yanayin lissafi ne mai sauƙi: kalmar sirri ɗaya da aka sace, ko kwamfuta ɗaya da aka bari a buɗe, ba ta isa ta shigar da kod ba, sai an samu asusu na biyu ya ce ya gani ya yarda. Wannan lissafin kuwa yana rushewa gaba ɗaya idan asusun da aka sace na admin ne kuma dokar ba ta hau kansa ba, alhali asusun manya su ne ɓarawo zai fi nema.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce akwai ƙungiyar mutum huɗu da ke kula da manhajar sayar da kaya, ɗayansu shi ne shugaban aikin kuma admin na ma'ajiyar. An shiga `Settings`, an je `Branches`, an kafa ƙa'ida a kan `main`, an latsa `Require a pull request before merging`, an kuma saita `Require approvals` a kan 1. Washegari ɗaya daga cikin injiniyoyin ta gyara lissafin rangwame, ta manta ba ta buɗe sabon reshe ba, ta yi komit biyu a `main` ɗin kwamfutarta, ta tura. Abin da za ta gani shi ne:

```
remote: error: GH006: Protected branch update failed for refs/heads/main.
remote: error: Changes must be made through a pull request.
 ! [remote rejected] main -> main (protected branch hook declined)
```

Babu abin da ya ɓace, domin komit ɗinta biyu suna nan a kwamfutarta, sabar ce kawai ta ƙi matsar da sunan. Gyaran layi uku ne: ta ba wurin da take tsaye sabon suna, ta tura wannan sunan, sannan ta mayar da `main` ɗinta inda na sabar yake.

```
git switch -c gyara-rangwame
git push -u origin gyara-rangwame
git branch -f main origin/main
```

Daga nan sai ta buɗe buƙatar haɗewa, abokin aikinta ya karanta. GitHub ba ya barin wanda ya buɗe buƙata ya amince da tasa, kuma amincewar da ake ƙirgawa ita ce ta wanda yake da izinin rubutu a ma'ajiyar. Har zuwa nan komai ya tafi yadda ake so, kuma a nan ne yawancin ƙungiyoyi ke tsayawa su ɗauka sun gama.

Yanzu a ce shugaban aikin ne ya yi irin wannan mantuwar. Shi ba zai ga saƙon ƙin karɓa ba. Turawarsa za ta shiga, sabar kuma za ta rubuta masa layi mai cewa `Bypassed rule violations for refs/heads/main`, ta lissafa ƙa'idar da ya tsallake a ƙasa, layin da mai sauri ba lallai ya lura da shi ba tunda umarnin ya yi nasara. Dalili shi ne a tsohon tsarin kariyar reshe na GitHub, wato wanda muka yi amfani da shi a wannan misalin, sharuɗɗan bita ba sa hawa kan admin sai an latsa `Do not allow bypassing the above settings`, akwatin da a da ake kira `Include administrators`, kuma yana can ƙasan shafin. Haka abin yake a GitLab da wata siga: babban reshe yana zuwa a kare tun daga farko, amma masu matsayin `Maintainer` suna iya turawa kai tsaye har sai an mayar da `Allowed to push and merge` zuwa `No one`. Hanyar gane ko ma'ajiya tana da wannan ramin ba ta da wuya. Admin ya gwada tura komit marar komai da `git commit --allow-empty`, ya ga ko za a ƙi shi. Ko kuma a duba `git log --first-parent main` a nemi komit ɗin da babu wata buƙatar haɗewa da ta kawo su.

Hujjar da ake kawowa don barin wannan akwatin a buɗe ita ce shugaban aiki ya fi kowa sanin kod ɗin, kuma shi ne ake tasa da dare idan wani abu ya lalace. Ban musanta ko ɗaya ba, amma ina ganin dukansu biyun dalilai ne na rufe akwatin. Wanda ya fi kowa sanin kod shi ne ya fi kowa taɓa wuraren da suka fi haɗari, kamar saitin tura manhaja da sauyin tsarin rumbun bayanai, kuma shi ne ya fi kowa amincewa da kansa har ya ga gyaran layi ɗaya bai cancanci jira ba. Gyaran da ake yi ƙarfe biyu na dare, ido na lumshewa, waya na ƙara, shi ne gyaran da ya fi buƙatar ido na biyu a duk shekarar. Akwai kuma abin da ƙananan ma'aikata ke koya daga tarihin ma'ajiyar ba tare da kowa ya faɗa musu ba. Idan suna ganin komit ɗin shugaba na shiga kai tsaye alhali nasu na kwana a layi, za su fahimci cewa bita wani abu ne da ake yi wa wanda ba a yarda da shi ba, kuma daga ranar za su fara kallonta a matsayin wulaƙanci da ake fatan wucewa idan an girma. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma kowa yana gani.

Rami na biyu ya fi ɓoyuwa. Mu koma ga buƙatar rangwamen. Mai bita ya karanta komit biyun, ya gamsu, ya latsa `Approve` da hantsi. Bayan azahar injiniyar ta tuna wani abu, ta ƙara komit na uku wanda ya canza iyakar rangwamen daga `0.15` zuwa `1.5` saboda kuskuren yatsa, wato daga kashi 15 cikin 100 zuwa kashi 150. Idan ba a latsa `Dismiss stale pull request approvals when new commits are pushed` ba, koren alamar safe tana nan daram, maɓallin haɗewa a buɗe yake, kuma tarihi zai nuna cewa an duba canjin alhali babu wanda ya ga layin da ya yi ɓarnar. A ganina wannan ya fi rashin bita muni, domin wanda zai zo bincike daga baya zai ga sunan mai bita ya ɗora masa laifin abin da bai taɓa karantawa ba. Idan an latsa akwatin kuwa, sabon komit yana soke amincewar, buƙatar ta koma jiran dubawa.

Ko wannan ma bai rufe komai ba. Mutumin da ke da izinin rubutu yana iya zuwa buƙatar da wani ya buɗe, ya tura nasa komit ɗin a kan reshen, sannan ya amince da buƙatar da kansa, tunda a idon tsarin ba shi ne mai ita ba, ya kuma haɗe ta. Soke tsohuwar amincewa ba ta hana wannan, domin amincewarsa ta zo ne bayan turawar. Mutum ɗaya ya rubuta, ya duba, ya shigar, ya kuma yi hakan a ƙarƙashin sunan wani. Maganinsa shi ne `Require approval of the most recent reviewable push`, wanda ke cewa dole wanda zai amince ya zama daban da wanda ya yi turawa ta ƙarshe. Ina ganin ya kamata a latsa su duka biyun a duk ma'ajiyar da kod ɗinta ke taɓa kuɗi ko bayanan mutane. A duba kuma saitin `Allow GitHub Actions to create and approve pull requests`, domin idan a buɗe yake, mai iya rubuta fayil ɗin aikin atomatik zai iya sa na'ura ta ba shi amincewar da ya kamata mutum ya bayar.

Akwai ƙorafe-ƙorafe na gaske a kan duk wannan, kuma ba na son in yi kamar babu su. Mafi ƙarfi shi ne jinkiri. Ƙungiyoyin da ke bin tsarin haɗa ƙananan canje-canje cikin babban reshe sau da yawa a rana suna cewa idan kowane canji sai ya jira wani, mutane za su riƙa tara aiki su kawo shi a dunƙule, buƙatar ta kai layi dubu biyu, mai bita ya leƙa sama-sama ya rubuta `LGTM`, wato ya yi masa daidai, ya wuce. Wannan yana faruwa, kuma duk wanda ya taɓa karɓar buƙatar da ta taɓa fayil arba'in ya san yadda ido ke fara zamewa bayan na goma. Amma abin da ya haifar da shi shi ne jinkirin amsa, kuma ana magance shi da yarjejeniya tsakanin mutane: buƙata ta zama ƙarama mai manufa ɗaya, duba aikin wani ya zo kafin fara sabon aiki, kuma kada buƙata ta kwana ba a ce mata komai ba. Inda mutum biyu suka zauna suka rubuta kod ɗin tare, na biyun zai iya amincewa nan take, dokar ba ta ci musu fiye da minti ɗaya ba.

Saboda wannan ƙorafin ne nake adawa da ɗaga adadin masu amincewa ba bisa dalili ba. GitHub yana barin a nemi har mutum shida a tsohon tsarin, kuma akwai shugabannin da ke ganin biyu ko uku ya fi ɗaya tsaro. A ƙungiyar mutum huɗu, neman amincewa biyu yana nufin idan ɗaya ya tafi hutu ɗaya kuma ba shi da lafiya, aiki ya tsaya cak, kuma ranar da hakan ta faru admin zai kashe dokar gaba ɗaya da niyyar mayarwa gobe. Ban da haka, idan masu dubawa biyu ne, kowanne yakan sassauta yana dogaro da ɗayan. Mutum ɗaya da ya san cewa shi kaɗai ne tsakanin kod ɗin da kwastoma ya fi karantawa da kyau. Inda wani sashe ke buƙatar ido na musamman, fayil ɗin `CODEOWNERS` tare da `Require review from Code Owners` ya fi dacewa, domin yana ɗora nauyin a inda haɗarin yake:

```
/biya/       @kamfani/masu-kula-da-biya
/.github/    @kamfani/masu-kula-da-tsaro
```

Layi na biyun yana da muhimmanci, domin idan fayil ɗin `CODEOWNERS` da fayilolin aikin atomatik suna cikin `.github` kuma ba su da mai su, ana iya sassauta su ta buƙatar da kowa zai iya amincewa da ita.

Ƙorafi na biyu shi ne gaggawa, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa admin ke barin wa kansa ƙofa. Amsata ita ce a tanadi hanyar gaggawar tun kafin ranar ta zo, a kuma zaɓi wadda ke barin sawu. Sabon tsarin `Rulesets` da GitHub ya buɗe wa kowa a 2023 ya fi tsohon dacewa a nan. Ƙa'idojinsa suna hawa kan kowa, har da admin, sai wanda aka sa a jerin masu tsallakewa da hannu, kuma ana iya taƙaita tsallakewar zuwa `For pull requests only`. Ma'anar wannan ita ce ko a tsakiyar dare mai gyara ba zai tura kai tsaye ba: dole ya buɗe buƙata, gwaje-gwaje su fara gudana, sannan ya zaɓi haɗewa ba tare da jiran amincewa ba, kuma da safe akwai shafi guda da kowa zai buɗe ya ga abin da aka canza da wanda ya yi. Bambancin lokaci tsakanin wannan da turawa kai tsaye bai wuce 'yan mintuna ba. Abin da nake ƙari da shi shi ne a ɗauki duk irin wannan haɗewar a matsayin bashi, wani ya karanta ta a ranar aiki ta gaba. Idan aka ga ana tsallakewa kowane mako, to ko dai gwaje-gwajen sun yi jinkiri da yawa, ko kuma ana kiran abin da ba gaggawa ba da sunan gaggawa.

Wanda yake shi kaɗai a ma'ajiyarsa ba zai iya tilasta wa kansa bita ba, tunda ba ya iya amincewa da buƙatarsa, kuma buɗe asusu na biyu don ya riƙa amince wa kansa yaudarar kai ce. Abin da ya dace da shi shi ne ya riƙe sharaɗin buƙatar haɗewa, ya cire na amincewa, ya latsa `Require status checks to pass before merging` da `Do not allow bypassing the above settings`, ta yadda aƙalla gwaje-gwaje za su gudana kafin komai ya shiga, turawar dole kuma ta kasance a rufe. Akwai kuma batun kuɗi da ya kamata a faɗa a fili: a GitHub kariyar reshe kyauta ce ga ma'ajiyar da ke buɗe ga jama'a, amma ga ma'ajiyar sirri sai an biya, kuma a GitLab kariyar reshe kyauta ce amma tilasta adadin amincewa yana cikin tsarin biya. Ƙaramin kamfanin da ke amfani da GitLab kyauta yana iya samun mafi yawan amfanin ta hanyar hana kowa turawa da taƙaita waɗanda ke da ikon haɗewa, ko da yake masu ikon haɗewar za su iya haɗa nasu, sai dai al'ada ta hana su.

Iyakar kariyar ita ce tana tsaron suna ɗaya a ma'ajiya ɗaya. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya a `xz`, manhajar matse fayiloli, siga 5.6.0 da 5.6.1, kuma wanda ya dasa ta mutum ne da ya shafe kusan shekara biyu yana gina amana har ya zama ɗaya daga cikin masu kula da aikin. Kayan ɓarnar an ɓoye su cikin fayilolin gwaji da ido ba ya iya karantawa, ɓangaren da ke kunna su kuma yana cikin ƙunshin sakin da ake saukewa, babu shi a ma'ajiyar Git ɗin. Babu wata ƙa'ida a kan babban reshe da za ta ga fayil ɗin da bai taɓa bi ta reshen ba. Haka nan idan tsarin tura manhaja yana tashi da tambarin siga irin `v2.1.0`, kuma kowa na iya ƙirƙirar tambari a kan komit ɗin da ya ga dama, to an kare `main` an bar hanyar da kod ke bi zuwa kwastoma a buɗe, sai an kafa wa tambarin tasa ƙa'idar. Admin kuma har kullum yana iya shiga saiti ya kashe dokar, ya tura, ya mayar. Ba a iya hana wannan da akwati, amma a ma'ajiyar ƙungiya canjin yana shiga kundin bibiya da sunansa da lokacinsa, kuma aiki ne da sai ya yi shi da niyya, mataki bayan mataki, wanda ya sha bamban da yatsa ya zame a kan umarnin da ake bugawa kullum. Wannan ne ma ya sa nake ganin yawan admin a ma'ajiya wani ɓangare ne na kariyar: a ƙungiyar mutum huɗun da muka yi misali da ita, biyu sun isa, ɗaya da mai riƙe masa idan ba ya nan, sauran kuma su tsaya a matsayin `Write`.